Kwana takwas, takarda ɗaya: yadda na yi da takardar gayyata kafin bizar Faransa

Ina tsaye a bakin fadama, gefen hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi, muna duba irin shinkafar da za a dasa, wayata ta yi ƙara. Imel ne daga wata cibiyar binciken noma da ke Montpellier a kudancin Faransa, an maƙala masa takardar gayyata. Wata malamarsu ta taɓa zuwa wurinmu da rani, ta ga yadda manoman ƙungiyarmu ke haƙa rijiyar burtsatse a fadama su ja ruwa da inji, shi ne da suka shirya taron ƙara wa juna sani kan sarrafa ruwa a gonar shinkafa ta ce in zo in yi bayani. Ni malamin gona ne, shekaruna goma sha wani abu da ƙungiyar, kuma ban taɓa wuce Nijar da Benin ba.

Da yamma na biya shagon kwamfuta na sa aka buga mini takardar mai launi. Ga tambarin cibiyar a sama, ga sa hannu a ƙasa, layi shida a tsakani. A raina an gama, saura in kama hanyar Abuja. Farkon watan Yuli ne, taron kuma daga Litinin 15 zuwa Juma'a 19 ga Satumba.

Abin da ya cece ni shi ne na bi ta gidan Yayata a Birnin Kebbi don in yi mata albishir. Tana koyar da aikin jinya, ta fita waje sau biyu, kuma an taɓa hana ta biza sau ɗaya. Ta karɓi takardar, ta sa tabarau, ta karanta, ta ce in miƙo fasfo. Ta ɗora shi a kai, ta yi shiru.

"Auta, wa aka gayyata a nan?"

Na ce ni mana. Ta ce a'a, wannan mutumin ba shi ne a fasfo ba. Sai da ta nuna da yatsa na gane. Mun saba maƙala sunan gari a ƙarshen suna, haka nake sa hannu a imel, haka kowa ya san ni. Su kuwa Turawan sun ɗauka sunan garinmu shi ne sunan mahaifina, sai suka rubuta shi a matsayin sunan dangi, suka jefar da sunan Baba gaba ɗaya. A fasfo kuwa babu sunan gari ko ɗaya. Babu lambar fasfo a takardar, babu ranar haihuwa, don haka babu abin da zai ɗaure ta da ni in ban da sunan farko, wanda rabin unguwarmu ke amsawa.

Ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko takardar da aka ba ta lokacin da aka hana ta. Fom ne mai jerin dalilai, an yi alama a kan guda: wai bayanin da aka gabatar game da dalilin tafiya da yanayin zama ba abin dogaro ba ne. Ta ce ba ƙarya ta yi ba, takardar gayyatarta ta ce kwana huɗu, tikitinta ya ce kwana tara, babu wanda ya yi bayanin sauran biyar ɗin. Kuɗin biza kuma ba a mayarwa. Yanzu Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, ban da kuɗin mota da kwanan Abuja.

A daren nan muka zauna a tabarma da biro, muka bi layi shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Abu uku jami'in biza ke nema a takardar gayyata: me za ka je yi, yaushe za ka shiga ka fita, wa zai biya. Tawa ta taɓa kowanne, amma ba ta kama ko ɗaya da kyau ba.

Dalilin tafiya shi ne mai sauƙin gyara. An rubuta cewa suna farin cikin gayyatata in ziyarci cibiyarsu in halarci taro. Ziyara kalma ce mai faɗi, mai yawon buɗe ido ma ziyara yake yi. Ba a faɗi sunan taron ba, ba a ce zan gabatar da komai ba, ba a ce ta yaya suka san ni ba. Mutumin da ke zaune a ofishin jakadanci bai san fadamar Argungu ba, abin da zai tambayi kansa shi ne, me ya haɗa malamin gona daga Kebbi da cibiyar bincike a Faransa? Idan takardar ba ta amsa ba, shi zai amsa wa kansa, kuma ba lallai amsar ta yi maka daɗi ba. Muka rubuta abin da ya kamata a ce: sunan taron, cewa zan yi bayani na minti ashirin kan noman rani da ruwan burtsatse, cewa ma'aikaciyarsu ta yi aiki da ƙungiyarmu, da cewa ba aiki zan yi musu ba kuma ba albashi za su biya ni ba. Wannan na ƙarshen Yaya ta dage a kansa, domin bizar gajeren zama ba izinin aiki ba ce.

Kwanaki ne suka fara ɗaure mini kai. Takardar ta ce 15 zuwa 19, kwana biyar. To amma ba ranar Litinin da safe zan faɗo daga sama cikin zauren taro ba. Jirgin da aka duba mini zai tashi daga Abuja daren Asabar 13, ya sauka Paris safiyar Lahadi 14, daga nan in wuce Montpellier. Sannan a jadawalin da aka turo mana daban, akwai fita ranar Asabar 20 zuwa yankin Camargue, inda Faransawa ke noman shinkafarsu, lokacin kuma girbi ya kama. Wannan fitar ce ma na fi ɗoki, amma ba ta cikin takardar. Komowa sai Lahadi 21. A lissafin biza ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce, ko da awa biyu ka yi a cikinta. Daga 14 zuwa 21 kwana takwas ke nan. Takarda ta ce biyar, fom zai ce takwas, tikiti takwas, inshora takwas. Kwana uku sun zama marayu. Ko dai a ga saɓani a hana ni, ko a ba ni kwanakin da takarda ta faɗa, in tsinci kaina da bizar da ba ta kai ni ranar komowa ba.

Maganar kuɗi kuwa ita ta ci mana dare. Jimla ɗaya ce: cibiyar za ta ɗauki nauyin halartarsa. Ni na karanta ta da ma'anar komai da komai, daga ƙofar gidana zuwa ƙofar gidana. Har na riga na faɗa wa maiɗakina cewa ko sisi ba zan kashe ba. Yaya ta ce, "Nauyin halarta ba shi ne nauyin tafiya ba. Tikiti fa? Su za su saya, ko kai za ka saya su biya ka? Otal dare nawa? Abincin dare? Ka tambaye su, kada ka ji kunya."

Kunyar kuwa na ji ta. A tarbiyyarmu wanda ya gayyace ka ya ce zai ɗauki nauyinka, ba ka zaunar da shi ka ce ya lissafa maka. Kwana biyu ina juya saƙon kafin in tura. Amma fom ɗin da ake cikewa a shafin France-Visas ba ya jin kunya. Akwai wurin da yake tambaya wa zai biya kuɗin tafiya da na zama: kai da kanka, ko wanda ya gayyace ka. A ƙarƙashin kowanne akwai rabe-rabe, masauki, sufuri, tsabar kuɗi, ko dukkan ɗawainiya. Duk inda ka yi alama, dole wata takarda a cikin fayil ɗinka ta tsaya masa. Da na yi alama a kan dukkan ɗawainiya kamar yadda na yi niyya, da na sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, ban sani ba.

Amsar da ta zo ta nuna haka. Otal za su biya kai tsaye, amma dare shida, daga Lahadi 14 zuwa wayewar Asabar 20. Daren Asabar bayan an dawo daga Camargue ba ya cikin kasafinsu, don mafi yawan mahalarta daga Turai suke, da yamma za su hau jirgin ƙasa su koma gida. Abincin rana a wurin taro nasu ne, na dare kuma za a ba da alawus a hannu. Tikitin jirgi ni zan saya, su mayar mini bayan taro idan na kawo rasit da katin shiga jirgi. Inshora da kuɗin biza nawa ne. Wato a ranar da jami'in biza zai buɗe fayil ɗina, kuɗin tikiti ba ya hannun cibiyar, yana wuyana, kuma albashin malamin gona bai kai nan ba.

Na je wurin shugaban ƙungiyarmu bayan sallar La'asar. Dattijo ne, tsohon manomi, ba ya son dogon turanci. Na ce, "Baba Alhaji, mutanen nan za su biya, amma sai na dawo." Ya yi dariya ya ce ashe Bature ma ya iya cin bashi. Aka kira ma'aji, aka amince ƙungiya ta ba da kuɗin tikiti rance. Da farko ma'ajin ya ce a tura kuɗin asusuna kawai don ya yi nauyi. Na ƙi, saboda Yaya ta riga ta ja mini kunne: ana neman bayanin asusun banki na watanni ukun baya, kuma asusun da ya saba ganin albashi kaɗan-kaɗan, rana ɗaya a ga miliyoyi sun faɗo ana saura mako a kai takardu, tambaya yake jawowa. Maimakon haka ƙungiya ta rubuta tata takardar, ta ce ni ma'aikacinta ne tun shekara kaza, ta ba ni izinin tafiya daga 13 zuwa 22 ga Satumba, ita za ta biya tikiti kafin cibiyar ta mayar, kuma aikina na jirana. Aka haɗa da bayanin asusun ƙungiyar.

Saura abin da ya rage a kaina. Faransa tana da adadin da take ɗauka a matsayin guzurin baƙo a kowace rana: Yuro 65 idan akwai shaidar otal, Yuro 120 idan babu. Na yi lissafi a bayan ambulan. Kwana takwas sau 65, Yuro 520. Kwana takwas sau 120, Yuro 960. A canjin lokacin, na farkon kaɗai ya doshi Naira miliyan ɗaya. A nan na gane amfanin a rubuta sunan otal da adadin darare a cikin takardar gayyata: kowane abin da mai gayyata ya ɗauka a rubuce, an sauke shi daga kan asusunka. Abin da bai rubuta ba, ko da ya yi niyyar yi, a idon ofishin jakadanci naka ne. Daren Asabar ɗin nan da ba su ɗauka ba, na kama masa ɗaki a otal ɗin da kaina, irin kamun da ake biya sai an je, na buga shaidar.

Na rubuta wa malamar duk gyare-gyaren a jere, na maƙala hoton shafin farko na fasfona, na roƙe ta a kwafi sunan harafi da harafi. Na ce kuma a sa cikakken adireshin cibiyar, da suna da muƙamin wanda ya sa hannu, da lambar waya da imel ɗin ofis da za a same shi, don ofishin jakadanci na iya tuntuɓa ya tabbatar. Ta ce babu damuwa, amma ba ita ke sa hannu ba, shugaban sashe ne. Kwana biyar shiru. Na sake taɓa ta, sai ta ce in yi haƙuri, mutumin na shirin tafiya hutu, kuma watan Agusta a Faransa ofisoshi da yawa kusan a rufe suke. Ni kuma na riga na samu ranar kai takardu, 5 ga Agusta. Ba zan iya ɗagawa da nisa ba, domin ƙa'ida ita ce a kai aƙalla kwana 15 kafin tafiya, hukunci kan ɗauki kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Daga 5 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba kwana 39 ne. Ko a haka ma ban da sarari.

A cikin jiran nan ne wani yaro a shagon kwamfuta, da ya ga ina ta zarya, ya ce, "Oga, kawo tsohuwar mana in gyara maka. Minti goma ne, sa hannun ma ba zai motsa ba." Kuma na san zai iya. Abin da zai rubuta ma gaskiya ne, tunda ga imel ɗin malamar ya tabbatar da shi. Amma takardar da mai sa hannu bai gani ba jabu ce, ko me ke cikinta. In aka kira shi aka karanta masa, ya ce ba wannan ya sa wa hannu ba, ba wannan tafiyar kaɗai na rasa ba, domin bayanan hanawa ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka haɗa biza ɗaya har da Faransa, duka suna gani a rumbu ɗaya. Na ce masa na gode.

Sabuwar takardar ta iso ranar 29 ga Yuli, shafi ɗaya cif. Sunana kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, lambar fasfo. Sakin layi na farko taron da abin da zan gabatar. Na biyu ya ce ana sa ran isowata 14 ga Satumba da tashina 21, taro 15 zuwa 19, fita gona 20. Na uku ya jera: masauki dare shida a otal kaza, abincin rana, alawus na dare, zirga-zirgar cikin gari, da mayar da kuɗin tikiti bayan taro. Ya kuma faɗi a fili cewa daren 20 da inshora suna kan mahalarci. Da na fara ganin wannan layin sai na ji kamar an tona mini asiri. Yaya ta ce shi ne layin da ya fi kowanne amfani, don ya nuna takardar ba ta roƙo ba ce, wanda ya rubuta ya san abin da yake faɗa.

Sai na koma kan fom na gyara shi ya bi takardar. Ranar shiga 14, ranar fita 21. Wurin mai gayyata na kwafi suna da adireshi daga kan takardar, ban rage ko waƙafi ba. Wurin biyan kuɗi na yi alama a ɓangarorin biyu, nawa da nasu. Inshorar lafiya ta tafiya, wadda dole ta kai Yuro 30,000 kuma ta yi aiki a duk ƙasashen Schengen, na sa ta fara daga 13 ta ƙare 22, don kada jinkirin jirgi ya bar ni a fili. Fasfo kuwa dama yana da sauran fiye da wata uku bayan ranar komowa, da shafuka biyu babu komai, kamar yadda ake buƙata. Daren da zan tafi na baje takardun a kan gado, na ɗauki jan biro na bi kwanan wata a kowacce: gayyata, fom, kamun tikiti, shaidar otal guda biyu, inshora, takardar ƙungiya. A nan na kama kuskure ɗaya, sakataren ƙungiya ya buga Oktoba maimakon Satumba a layi na biyu. Ƙarfe tara na dare na buga masa ƙofa.

Hanyar Abuja da damina ba sai na ba da labari ba. Mun bar tasha bayan Asuba, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, ba mu shiga gari ba sai bayan Isha'i. Na kwana wurin wani ɗan ƙanen Babanmu, takardun a cikin leda biyu saboda ruwa.

A cibiyar karɓar takardu abin bai ɗauki awa biyu ba. Matar da ke kanta ba ita ke ba da biza ba, tattarawa take yi ta tura. Amma na lura da yadda ta yi: ta zaro takardar gayyata ta ajiye gefe ɗaya, fasfo a buɗe kusa da ita, sannan ta riƙa ɗaga sauran tana waiwayar ta. Ta tambaye ni wa zai biya tikiti. Na ce ƙungiyarmu, cibiyar ta mayar, ga shi a sakin layi na uku, ga takardar ƙungiya. Ta duba, ta wuce. Aka ɗauki hotona da zanen yatsu goma, na biya, aka ba ni rasit.

Fasfo ya dawo bayan kwana goma sha biyu. Na buɗe shi a tsaye. Bizar ta ce tana aiki daga 14 ga Satumba zuwa 6 ga Oktoba, shiga sau ɗaya, sai na yi murna na ce an ƙara mini mako biyu, har na fara tunanin leƙa wani abokina a Lyon. Da na tura wa Yaya hoton, ta kira nan take. "Duba ƙasa, Auta, inda aka rubuta tsawon zama." Na duba: 08. Kwanakin da aka ƙara rara ce kawai, ko da tafiya za ta goce da kwana ɗaya ko biyu. Zaman kansa kwana takwas ne, daidai abin da sakin layi na biyu ya faɗa. Da takardar farko na kai aka bi ta, 05 zan gani a wurin.

Na sa kwafin takardar a jakar hannu, ba a akwati ba, domin biza ba ta hana jami'in kan iyaka tambaya. A Paris kuwa ya tambaya: ina za ka, kwana nawa, ina za ka sauka. Faransancina na kasuwar Kamba ne, bai wuce gaisuwa da ciniki ba, don haka na miƙa masa takardar kawai. Ya karanta, ya duba tikitin komowa, ya buga hatimi.

Kuɗin tikiti sai da ya yi mako bakwai kafin ya shigo, kuma sun nemi katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa. Na dawowar na same shi a aljihun rigar sanyi, ya jiƙe ya bushe, da ƙyar lambar ke karantuwa. A tsawon makonnin nan duk ranar da na haɗu da ma'aji a masallaci sai ya ce, "Malam, mutanenka fa?" Ranar da kuɗin ya faɗo na kai masa rasit ɗin banki har gida, ya sa tabarau ya duba, ya ɗauko littafi ya soke sunana.